Kan Bel ɗin Mijin Malama

Ni ba gadon sayar da bel na yi ba. Mahaifina dillalin shanu ne, shi kuma nasa mahaifin makiyayi ne da bai taɓa kwana a ɗakin siminti ba. Da na tasa na gwada bin mahaifina kasuwar shanu, sai na ga ni da saniya ba ma fahimtar juna. Na koma kasuwar kifi ta Baga Road a Maiduguri na yi shekara biyu ina ɗaure kwalayen banda, har warin ya zauna mini a fata, ko wanka uku na yi sai an san daga inda na fito. Daga nan na fara rataya bel na gwanjo a kafaɗa ina zaga ofisoshi da tashoshin mota. Allah ya sa wa abin albarka, na kama ɗan shago a Lamisula, na ƙara da jakunkunan mata da takalma.

Abu biyu na shigo da su sana'ar daga gida. Na farko na mahaifina ne: kada ka yarda da ido, ka sa hannu. Shi ba ya taya saniya sai ya dafa ta ya ji tsoka. Ni ma duk kan bel ɗin da ya zo hannuna, wato ƙarfen da ake ɗaure bel da shi, sai na ɗora a tafina na jinjina. In ya yi nauyi na ce na kirki ne, in ya yi sakayau na ce jabu ne. Iyakar ilimina ke nan, kuma a lokacin gani nake na ƙure malejin sani.

Na biyu na mahaifiyata ne. Tana da mundayen tagulla da ta gada, kuma duk sallah sai ta zauna da toka da ɓarin lemun tsami ta dirje su har su riƙa ɗaukar ido. Na ɗauki wannan dabara na kai shago. Yawancin tsofaffin kan bel da ke fitowa daga dilar gwanjo tagulla ce zalla da ta yi duhu don daɗewa. In na dirje su da toka da lemun tsami sai su fito kamar yau aka ƙera su, masu saye su yi ta rububi. Maƙwabtana suna tambayata sirrin, ina ce musu addu'ar uwa ce. Wani lokaci kuma in na dirji wani sai ya kware ya koma fari ko launin toka, sai in ce dama jabu ne, in jefa shi cikin kwali a ƙarƙashin tebur. Ban taɓa tsayawa na tambayi dalili ba.

Akwai wata dattijuwa da ke sayen jaka a wurina, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, mutuniyar kudancin Borno. Kowa Malama yake ce mata, ni kuma Mama nake ce mata. Mace ce mai tsare gida, in tana magana sai ka ji kamar za ta ce ka miƙe ka maimaita. Mijinta ma'aikacin ofis ne, ya rasu shekara biyu kafin wannan abin da zan ba da labari.

Wata Litinin da hantsi ta shigo shagon, ta zauna a benci ba tare da ta kalli jaka ko ɗaya ba. Ta buɗe jakar hannunta ta fito da wani abu a naɗe cikin hankici. Tsohon bel ne, fatar duk ta tsage, ramukan sun zama ɗaya.

"Ɗana, na marigayi ne," in ji ta. "Ranar Asabar za a ɗaura auren autana a coci, kuma da wannan nake so ya shiga. Fatar ta mutu, ga shi kuma yaron ya fi ubansa tumbi. Ka nemo mini fata baƙa mai kyau ka sa wa kan. Fatar kawai."

Na karɓa na jinjina. Da nauyinsa. Kan bel ne mai faɗi, launin gwal, an yi masa zanen layuka a fuska kamar saƙar tabarma, a bayansa kuma akwai ɗan hatimin kamfanin da ya yi shi. Sai dai ya dusashe, gefunansa sun koɗe, datti ya cika cikin zanen.

"Mama, ki ɗauka an gama. Ranar Laraba ki aiko a karɓa."

"Ba aike. Da ƙafata zan zo. Shekara talatin da wani abu yana ɗaura shi, har ranar da aka kai shi asibiti ni na kwance masa shi."

Da ta tafi na kwance kan daga tsohuwar fatar, na zaɓi fata mafi kyau da nake da ita. Da na ajiye su gefe da gefe sai na ga sabuwar fatar ta ƙara tona tsufan ƙarfen. Na ce a raina, matar nan ta daɗe tana yi mini ciniki, bari in yi mata abin da ba ta roƙa ba, ranar Laraba ta ga abin mamaki. Na ɗebo toka a wurin mai ƙosai da ke bakin layi, na yanka lemun tsami, na zauna a bayan shago na shiga dirza.

Da farko dattin ya fita, na ji daɗi, na ƙara ƙarfi. Ina ɗauraye shi da ruwa sai na ga ɓarnar da na yi. Tsakiyar fuskar, wajen faɗin babban yatsa, ta koma fari fat kamar cokali. Launin gwal ɗin ya bi toka. Na goge da riga, na hura masa iska, na sake gogewa, kamar hakan zai dawo da shi. Gefe gwal, tsakiya fari, kamar mai ciwon fata.

A iya sanina, fari a ƙasa yana nufin jabu. Ke nan laifi biyu na yi: na ɓata kayan marigayi, na kuma tona cewa abin da ya ɗaura shekara talatin ba na kirki ba ne.

Ba zan ɓoye ba, wata dabara ta zo mini. Irin wannan fasalin masu kwaikwayo sun cika kasuwa da shi, kuma ina da guda uku sababbi a cikin gilashi. Na ɗauko ɗaya na ajiye kusa da na marigayin. Faɗi ɗaya, zanen tabarma ɗaya, har da hatimi a baya. Na ce in na ɗan dusashe shi, na ce mata wankewa na yi, wa zai gane? Na kwana da wannan tunani. Da safe dai na ga kafin in yi ƙarya gara in fara neman gyara. Na zuba su biyun a aljihu, na hau keke napep zuwa Old Maiduguri.

Akwai wani tsohon maƙerin fari a can, Babarbare, wanda mahaifiyata take kai wa mundayenta in sun tsage. Zobba da awarwaro da kayan adon azurfa da tagulla yake yi, a wata rumfar kwano da ba ta fi ɗakin girki ba. Tabaransa ɗaure yake da zare ta ƙeya. Ni Bafillace ne, tsakanin Barebari da Fulani kuwa akwai wasa, kuma shi ba ya barin nasa ya kwana.

"Wushe, wushe, Fulata!" ya ce da ya hango ni, gaisuwarsu ke nan da sunan da suke kiranmu. "Shanun sun ƙare ne ka shigo gari? Ko nonon ne ya yi tsami?"

"Baba, yau ba ni da bakin rama wasa. Na yi ɓarna."

"Bafillace da ɓarna ai ba labari ba ne. Kawo mu gani."

Na miƙa masa na marigayin. Ya juya shi, ya kai hanci, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau.

"Lemun tsami. Da toka. Kai wannan munduwar uwarka ce?"

Na ba shi labarin tun daga farko, har na ce ai dama jabu ne tunda fari ya fito. Sannan na fito da sabon na ajiye a gabansa. Ya kalli sabon, ya kalle ni, ya gane abin da ke raina ba tare da na faɗa ba.

"Wannan kuma na mene ne? Ɗan rakiya?"

Na sunkuyar da kai.

"Zauna," in ji shi. "Tunda ka biyo hanya, bari in rage maka jahilci. Wanne ya fi nauyi?"

Na jinjina su, ɗaya a kowane hannu. "Kusan ɗaya suke."

"Kusan. To dubi kaurinsu."

Sai a lokacin na lura. Sabon ya fi kauri sosai, kuma bayansa a rarake yake, an bar baki mai tudu kewaye don ya yi kama da dunƙulallen ƙarfe. Na marigayin siriri ne, bayansa a shafe. Baba ya ɗora su a ƙaramin sikelinsa na awon azurfa, ɗaya a kowane faranti. Siririn ya rinjayi mai kaurin.

"Ka gani? Wannan sabon tutiya ce, ƙarfen nan mai launin toka da ake narkawa a zuba a mazubi. Ba ta kai tagulla nauyi ba, shi ya sa suke kumbura ta don ta cika ido ta cika hannu. Nauyi ba ya magana shi kaɗai, sai ka haɗa shi da girman abin. Ubanka ai ya san bambancin saniya mai tsoka da wadda aka ɗura wa ruwa da kanwa a bakin kasuwa."

Ya saki sabon a kan dutsen da yake aiki a kai. Ya yi ƙwal, ya yi shiru. Ya saki na marigayin, sai ya yi wani siririn amo da ya ɗan ja kafin ya mutu. Na ce ina da maganaɗisu a shago da nake gwadawa wani lokaci. Ya ce maganaɗisu baƙin ƙarfe kawai yake tonawa, ba ya kama tagulla, ba ya kama tutiya, don haka a wannan shari'ar ba shi da shaida.

"To farin fa, Baba?"

"Farin riga ce ta ciki. Abin kirki ruwa biyu ake yi masa. A fara yi wa tagullar farin ruwa mai tauri, sannan a yi ruwan gwal a sama, siriri, bai kai kaurin fatar albasa ba. Shekara talatin riga tana gugarsa, dama saura ƙiris, kai kuma ka zo da toka ka ƙarasa shi. In kana son sanin abin da ke ciki, ba fuska ake dubawa ba. Ka nemi inda ya fi shan wahala."

Ya nuna mini sandar da fata ke naɗewa a kai, da kuma ɗan gurbin da harshen kan bel ɗin ke kwanciya. A wuraren nan biyu gwal ɗin ya tafi tuntuni, farin ma ya cinye, kuma abin da ya fito daga ƙasa rawaya ne mai santsi.

"Tagulla ce har zuciya. Da tutiya ce, nan wurin toka-toka za ka gani, wani lokaci da ɗan ja-ja a gefensa, kuma ruwan sama ya riƙa yin ƙuraje yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Wannan kuwa ba ɓarewa ya yi ba, sannu a hankali ya koɗe. Haka abin arziki yake tsufa."

Daga nan ya ce in sa farce a cikin zanen kowanne. A na marigayin farcena ya faɗa ciki ya maƙale, bakin layukan a tsaye, zurfinsu ɗaya daga farko har ƙarshe. A sabon kuwa farcen zamewa ya yi, layukan ba zurfi, bakinsu a dagule kamar an zana a kan sabulu. Hatimin baya ma haka: na marigayin kowane harafi a fili, na sabon haruffan sun kumbura sun shiga juna.

"Masu kwaikwayo daga jikin na asali suke ɗaukar mazubi," in ji shi. "Duk zubi sai zanen ya rage zurfi, ruwan da za su shafa kuma ya ƙara cike shi. Matar da ta shekara talatin tana rataye bel ɗin nan a ƙusa, kana jin yatsunta ba su san wannan ba? Ido za ka iya ruɗa, Fulata. Ɗauke ɗan rakiyarka ka mayar aljihu."

Na mayar. Na tambaye shi ko akwai gyara. Ya ce hanya biyu ce. Ko a aika Kano wurin masu yin ruwan gwal, amma ba shi da tabbacin zai dawo kafin Asabar, kuma sai sun goge shi a inji kafin su yi ruwan, injin kuma ba ya jin tausayin bakin zane. Ko kuma shi ya bi fuskar da hannu, da samfefa mai laushi, ya cire sauran gwal ɗin da farin gaba ɗaya har tagullar ta fito, ya goge ta. Zai yi rawaya mai kyau, amma ba zai koma yadda yake a da ba har abada.

"Zanen ba zai tafi ba?"

"Da na aljihunka ne, kafin in kai rabi ya shafe. Wannan yana da zurfin da zai ba ni abin da zan ci ya kuma rage."

"To a yi, Baba. Yau ɗin nan."

"A'a. Kai ka taɓa shi sau ɗaya ba da izini ba, ga inda ya kai ka. Ni ba zan zama na biyu ba. Je ka kawo mini bakin mai shi."

Ban jira Laraba ba. Daga can na wuce gidan Malama. Na same ta a tsakar gida da mata uku suna tsince shinkafar biki. Na gaishe su, na ce ina son magana da ita a gefe. Muka koma ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ke bakin ƙofa, na buɗe hankicin na miƙa mata.

Ta shafa farin wurin da babban yatsa.

"Me na ce ka yi?"

"Fata kika ce in canza, Mama."

"Na ce ka wanke?"

"Ba ki ce ba."

"Shekara talatin da biyar ina koyar da yara su karanta tambaya kafin su amsa. Ashe manya ma ba su iya ba."

Na ce laifina ne, ba ni da abin karewa. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta kawar da kai wajen titi. Can sai ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Ashe dai gwangwani ne."

"Ba gwangwani ba ne, Mama. Ni ma haka na zata. Na kai wa maƙeri, ya ce tagulla ce zalla, aikin asali."

Ta juyo da sauri. "Wa ya ce?"

"Wani tsoho a Old Maiduguri. Shekara da shekaru yana wannan aikin."

"Tsaya nan." Ta shiga ciki, ta fito da mayafi da jakarta. Ta ce wa matan su ci gaba, yanzu za ta dawo.

Muka hau keke. Da muka isa, Baba ya share mata kujerarsa ɗaya tilo, suka gaisa a mutunce, ya yi mata ta'aziyya duk da an daɗe. Sannan ta ajiye kan bel ɗin a gabansa ta ce, "Baba, wannan ɗan naka ya ce ka ce na asali ne. Ni ba na karɓar amsa sai an nuna mini yadda aka samo ta."

"Wannan ba ɗana ba ne, Malama, bawana ne, tun kakanni. Amma zan nuna miki."

Ya maimaita mata duk abin da ya nuna mini. Ya sa na fito da sabon, ya ce mata na kawo shi ne don gwaji, bai ƙara ko kalma a kai ba, ni kuma na san abin da ya rufa mini. Ta jinjina su da kanta, ta ga sikeli ya rinjaya, ta sa farce a zanen, ta sa tabarau ta leƙa rawayar da ke gurbin harshen. Ta sa ya sake sakinsa a kan dutse har sau biyu don ta ji amon.

Sai kawai ta fashe da dariya, tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Ni da Baba muka kalli juna.

"Mutumin nan ya cinye ni a gardama yana kabari," in ji ta. "Shekarar farko ta aurenmu aka tura shi kwas Legas. Na ce ya sayo mini keken ɗinki. Ya dawo ba keke, sai wannan abin a ƙugu, yana ta baza riga don a gani. Na ce masa 'yan Legas sun ga baƙauye sun sayar masa da gwangwani. Ya ce na asali ne. Tun daga ranar, duk faɗan da za mu yi sai na ce masa, je ka da gwangwaninka. Shi kuma ya ce, wata rana za ki sani. Yara ma sun haddace."

"To yau kin sani," in ji Baba. "Keken ɗinkin fa?"

"Ya saya daga baya. Ya lalace tuntuni."

"Kin ga ke nan wa ya iya sayayya."

Ta harare shi, ta sake yin dariya. Sannan ta gyara zama ta ce ya faɗa mata gaskiya a kan gyaran. Ya faɗa mata hanyoyin nan biyu, bai rage komai ba. Ya ce abin da samfefa ta ci ba ya dawowa, in ta ce a bari a haka shi ba zai ga laifinta ba. Ta tambaya ko hatimin baya zai taɓu, ya ce bayan ba zai kusance shi ba. Ta tambaya ko zanen zai rayu, ya ce in bai rayu ba ta zo ta rufe masa rumfa.

Ta tura kan bel ɗin gabansa.

"A cire," in ji ta. "Tunda cikin ne ya yi ta faɗa mini ban yarda ba, bari cikin ya fito kowa ya gani."

Baba ya yi wuni ɗaya da rabi a kansa. Na rufe shago na zauna kusa da shi, ba don ya nemi taimako ba, sai don na kasa zama a wani wurin. Ya naɗe samfefa a jikin ɗan katako mai shafaffen baki don ta ci saman kawai kada ta faɗa cikin zanen, yana bi layi ɗaya, yana tsayawa yana dubawa a hasken rana. Farin ya yi taurin kai, ya fi gwal ɗin wuyar fita nesa ba kusa ba. Daga samfefa mai ɗan kaushi ya koma mai laushi, daga nan ya koma tsumma da wani jan gari da yake goge azurfa da shi. A hankali rawayar ta mamaye fuskar. A can cikin layukan kuma tsohon gwal ɗin yana nan, inda riga ba ta taɓa kaiwa ba, sai zanen ya fito fiye da yadda na fara ganinsa. Duk tsawon lokacin bakinsa bai huta ba. Ya sa na kwaso kwalin nan na ƙarƙashin teburina, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ware mini bakwai da ya ce na kirki ne na kashe da hannuna. "Ka yi ta yanka shanu masu ciki, Fulata," in ji shi.

Ranar Alhamis da la'asar na sa fatar, na huda ramuka daidai ƙugun ango, na kai wa Malama. Ta duba gaba, ta duba baya, ta sa farce a zanen kamar wadda ta shekara tana yi. Ba ta yabe ni ba. Cewa ta yi, "Ranar Asabar ƙarfe biyu ake cin abinci. In ba ka zo ba, kada ka ƙara gaishe ni."

Abin da na koya a rumfar nan shi nake ci har yau. Yanzu ko hoto aka turo mini a waya daga Kano ko Legas, ba na kallon ƙyalli. Sai in ce a juya mini bayan, a matso da hatimin, a nuna mini kaurin gefe, in kuma tsohon kaya ne a nuna mini inda harshe ke kwanciya. Haka nake yi wa zik da ƙugiya da makullin jakar mata. Jabu ma ina sayarwa, mai ƙaramin ƙarfi shi ma yana son ado, amma da sunansa nake sayar da shi. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Bai taɓa faɗa wa kowa dalilin da ya sa na zo da kan bel biyu a aljihu ba.

Na je bikin. An yi shi a filin wata makaranta, an kafa rumfuna, mata sun sha anko, ana ta kiɗa. Na hango ango daga nesa cikin baƙar kwat, ya ɓalla maɓallanta tun daga sama har ƙasa. Bel ɗin da muka kwana uku a kansa, ko alamarsa ba a gani. Na zauna a gefe da farantin shinkafata ina yi wa kaina dariya.

Ban ankara ba sai ga Malama ta riƙo hannun ango tana janye da shi ta tsakiyar mutane, amarya na bin su da kallo. Ta tsayar da shi a gabana.

"Buɗe rigar nan," in ji ta.

"Mama, ana ɗaukar hoto fa."

"Shi ya sa na ce ka buɗe."

Ya buɗe. Rana ta faɗa a kan tagullar. Wani dattijo da ke kusa, abokin aikin marigayin, ya leƙo ya ce, "Kai, wannan ba gwangwanin mutumina ba ne?"

Malama ta juya ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya ce maka gwangwani ne? Kawo farcenka."